Daga Takardar Ofis Zuwa Bakin Zango: Littafin Aikin Majigin Hawan Jini a Aboabo

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau nas ɗin da muke aiki tare ta miƙo mini takardar. Shafi huɗu ce da Turanci, kan hawan jini, kuma da ita ake so mu haɗa ɗan gajeren fim da za a haska a majigi nan Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, daren Juma'a 16 ga Mayu. Washegari Asabar, 17 ga Mayu, ita ce ranar hawan jini ta duniya, kuma a ranar za a kafa tebura a yi wa mutane awo kyauta. Aikin fim ɗin ɗaya ne: wanda ya kalla da dare ya fito awo da safe, in kuma an ce masa ya tafi asibiti ya tafi.

Na karanta sau biyu, sannan na sa nas ta bi ta layi-layi. Ta ce babu kuskure ko ɗaya a ciki. To amma ga yadda jimlar farko ta fito da na juya ta kalma da kalma: "Hauhawar bugun jini wani yanayi ne na dindindin da akasari ba ya bayyanar da alamomi, wanda ke ƙara haɗarin kamuwa da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini." Na karanta wa mahaifiyata tana gyaran alayyafo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta ci gaba da aikinta. Na ce, "Mma, me aka ce ki yi?" Ta ce ai ba a ce ta yi komai ba. Gaskiya ta faɗa. Sai a shafi na uku aka fara gaya wa mutum abin da zai yi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na ajiye fassara. Mun zauna da nas muka zare abubuwan da ba za a taɓa ba ko da an sauya kowace kalma, muka rubuta su a kwali muka manna a bango. Hawan jini yawanci ba ya ciwo, awo kaɗai ke nuna shi. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce yana buƙatar a sake dubawa a asibiti. Wanda aka ɗora a kan magani ba ya dainawa don ya ji sauƙi. A rage gishiri. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, sai asibiti nan take.

Duk abin da ba ya yi wa ɗaya daga cikin biyar ɗin nan hidima ya fita. Sakin layi biyu na alƙaluman duniya sun tafi, haka ma sunayen rukunan magunguna. Nas ta ɗan yi jim a kan na biyun, daga baya ta ce ai mai sauraro ba shi zai zaɓi maganinsa ba.

Sai batun wace Hausa. Ni na saba rubuta Hausar littafi, amma Hausar zango daban take tafiya. Da yawa a nan ba sa rarrabe "ya" da "ta" kamar mutanen Kano, kuma Twi da Turanci suna shiga magana ba tare da an lura ba. A unguwar akwai Dagomba, Mosi, Kotokoli, Zabarmawa, waɗanda Hausa ce ta kasuwa da masallaci a wurinsu, ba ta ɗaki ba. Don haka a fim ɗin za a ce "hawan jini", a bi shi da "bi-fi" yadda ake faɗa a bakin kemis, sannan sau ɗaya a ambaci sunan da masu Twi suka sani, mogya mmoroso. Karin magana mai zurfi ba zai shiga ba, duk da ina son sa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Gwajin farko, bayan la'asar, a zauren wani dattijo kusa da masallaci. Mutum shida: dattijon, direbobi biyu, tela, Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da 'yarta. Tsarin da nas ta koya mini shi na bi. Ba a tambayar mutum "ka gane?", domin kunya da ladabi za su sa kowa ya ce e. Sai dai a ce, "Baba, in ka shiga gida Inna ta tambaye ka me yaran nan suka ce, me za ka gaya mata?" Abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da rubutun ya koyar, ko da ba shi marubuci ya nufa ba.

Na zo da misalin da nake ganin ya dace da direbobi, wato iskar taya. Ido ba ya gane ko iska ta yi yawa, sai mai faci ya sa geji. Direbobin suka kama nan da nan. Sai dattijon ya ce, "To, yaro, in iska ta yi yawa ai sace ta ake yi. Ke nan mai hawan jini ƙaho ya kamata a yi masa, a rage jinin."

Jikina ya yi sanyi, don ba shi ya yi kuskure ba. Misalina ne ya kai shi can. Mutane da yawa dama sun ɗauka hawan jini yawan jini ne, ni kuma na zo na ƙarfafa musu. Abin da ke hawa shi ne ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiya da shi, kuma a mafi yawan masu ciwon, ƙananan jijiyoyi ne ke matsewa ko su yi tauri, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi fiye da ƙima. Zubar da jini ba ya gyara wannan.

Da na dawo gida na ga wani yaro a bakin titi yana wanke mota, ya danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan yana fita da tsiri. Ruwan famfo bai ƙaru ba, hanya ce ta ƙuntata. Da shi za mu buɗe fim ɗin: hannu, tiyo, yatsa, sannan murya ta ce, "Ruwan bai ƙaru ba, ƙarfinsa ne ya ƙaru. Haka hawan jini yake. Jininka bai yi yawa ba, matsi ne ya yi yawa, kuma shekara da shekaru matsin nan yana gajiyar da zuciya, da ƙoda, da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ido."

Asabar, 19 ga Afrilu

Mako guda ke nan ina kan jimla ɗaya. Takardar ta ce ciwon ba ya warkewa amma ana iya shawo kansa. Na rubuta ta hanya uku, kowacce na gwada ta a kan mutane daban.

Da na ce "ba shi da magani, sai dai a lallaɓa", wata mata ta sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya mini an ce wa mijinta yana da shi, kuma abin da ta ji a bakina shi ne ajali ya zo. Limamin unguwa ma ya kira ni gefe. Ya ce, "Malam, kada ka tsaya gaban jama'a ka ce cuta ba ta da magani, alhali hadisi ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Za su bar maganarka su kama ta mai lasifika da ke cewa kwalba ɗaya ta raba ka da shi." Ya buɗe mini ido kan abin da ban lura ba: a Hausa kalmar "magani" tana ɗaukar ƙwayar da ake sha, tana kuma ɗaukar waraka. In ka ce babu magani, ka ƙaryata ƙwayar da nas za ta ce a sha. In ka ce akwai magani ka yi shiru, ka yi alkawarin waraka.

Hanya ta biyu na ce "akwai magani, kuma yana aiki". Kowa ya ji daɗi. Amma da na tambayi tela me zai yi in ya sha wata ɗaya aka auna aka ce jininsa ya sauka, ya ce, "Alhamdu lillahi, na warke, sai in ajiye." Nas ta ce wannan shi ne abin da ta fi gani: mutum ya sha maganin wata guda kamar na zazzaɓin cizon sauro, ya ƙare, bai koma ba, ba a sake ganinsa sai an ɗauko shi. Taushin magana a nan ya cuci mutum ke nan. Ni a ganina wannan ya fi hanya ta farko haɗari, domin mai tsoro yana iya dawowa ya yi tambaya, amma wanda ya tabbata ya warke ba ya dawowa.

Ta uku ita ta tsaya, kuma tabarau ne ya kawo ta. Dattijon nan na zaure yana sa tabarau in zai karanta Alƙur'ani. Ga yadda ta zauna:

"Hawan jini yana da magani, kuma maganin yana aiki. Amma irin aikin tabarau yake yi. Baba ya sa tabarau ya ga rubutu tar, ya cire, rubutu ya koma dishi-dishi. In aka auna ka aka ce jininka ya yi daidai, maganin ne ke riƙe da shi. Ranar da ka ji garau, ranar ce maganin ya fi yi maka aiki. Kada ka ajiye shi sai likita ya ce."

Na sake tambayar tela. Ya ce, "Wato in ya sauka in ci gaba." Na rubuta amsar tasa a gefen takarda.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na cire "mai kisan mummuƙe" daga rubutun. Kalma ce mai kama kunne, amma mutum biyu sun ce mini in haka ne gara kada su sani. A madadinta: "Ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, shi ya sa muke aunawa." Na kuma ƙara layi don masu cewa suna jin hawansa a ƙeya ko a ciwon kai, domin irinsu kan sha magani ranar da kai ya sara kawai: "Kai na iya ciwo jini lafiya, jini na iya hawa kai lafiya."

Akwai masu cewa tunani ne kawai ke kawo shi. Ban ƙaryata su kai tsaye ba, don damuwa tana iya ɗaga shi na ɗan lokaci. Na dai jera gado, shekaru, ƙiba, gishiri da rashin motsa jiki a gefenta, don kada mai kwanciyar hankali ya ɗauka ya tsira.

Talata, 29 ga Afrilu

Gishiri. Takardar ta kawo shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana. Na mayar da shi "ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya", na ɗauka na gama. Na kai wa Hajiya mai waakye da hantsi, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tsakanin tukwane biyu, hayaƙi na shiga idonta. Ta saurara, ta sa hannu a robar gishiri ta ɗebo da yatsu huɗu ta nuna mini. Ta ce, "Ɗana, ni ban taɓa auna gishiri da cokali ba. Kuma tukunyar gidana mutum goma sha ɗaya ke ci. Cokali ɗayan nan na tukunya ne ko na mutum?"

Na mutum ɗaya ne, na yini guda, kuma ya haɗa da gishirin da ba a gani. Nan ne aikin yake. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Kifin kobi da na momoni da gishiri ake adana su. Kanwar da ake jefawa a wake ita ma tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da ke ɗaga jini, ko da ba ta yi ɗanɗanonsa ba. Ga burodi, ga soyayyen yajin shito, ga taliyar leda da yara ke so da ɗan ƙullin garinta. Mace na iya rantsewa ba ta zuba gishiri da yawa, kuma gaskiyarta, alhali dunƙule biyar ta marmasa a miya.

Don haka na bar cokalin ya zo sau ɗaya kawai, na mayar da sashen zuwa abin da hannu zai yi. In kin sa dunƙule, ki rage gishiri, kada ki cika duka biyun. In kina sa huɗu, koma uku na mako biyu, sannan biyu, harshe yana sabawa a hankali. Ki jiƙa kobi ki zubar da ruwan kafin ki sa. Ki ƙara daddawa, citta, tafarnuwa, albasa da prekese su riƙe ɗanɗano. Hajiya ta ƙara abin da ban yi tunaninsa ba. Ta ce, "Ka gaya wa mazan. Mace ta rage gishiri, maigida ya ture kwano ya ce ba ta iya girki ba." Yanzu akwai layi da muryar namiji: "Alhaji, in ka ji miya ta ɗan yi lami, ba sakaci ba ne, lafiyarka ake nema. Ka ce sannu da aiki."

Na roƙe ta ta karanta sashen da bakinta a fim. Ta ce sai ta shawarci 'ya'yanta.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ta yarda, da sharaɗin hannunta da tukunya kawai za a nuna. Mun ɗauki murya a ajin makarantar Islamiyya, ruwan sama ya tsayar da mu sau biyu saboda ƙarar kwano. Duk jimlar da ta yi tuntuɓe a kanta na gajarta ta nan take. Na lura numfashi shi ne ma'auni: in mai karatu ya tsaya shan iska a tsakiyar jimla, ta yi tsawo.

Juma'a, 9 ga Mayu

Sashen alamomin shanyewar ɓarin jiki, wanda a nan aka fi sani da sitirok. A nan ban sassauta murya ba, kuma da gangan. Jimloli gajeru: "Baki ya karkace. Hannu ɗaya ya saki. Magana ta harɗe. Ko ɗaya ka gani, duba agogo, ka riƙe lokacin, a tafi asibiti. Kira 112, ko a tare mota." Lokacin yana da amfani ga likita, domin abin da za a iya yi wa mutum a sa'o'in farko ya fi na bayansu.

Abin da ya ba ni wuya shi ne cewa kada a ba shi komai ta baki. Ciwon kan taɓa haɗiya, ruwa ya bi hanyar iska ya shiga huhu. Amma abin da gida ke fara yi shi ne a ɗura wa mutum ruwa, ko jiƙo, ko rubutu. Ban so fim ɗin ya zama kamar yana faɗa da addu'a. Na koma wurin Liman, shi ya ba ni lafazin: "A yi masa addu'a a cikin mota, ana tafiya. Kada a ɗura masa komai, ko ruwa, har likita ya gani." Ya ce da muryarsa zai faɗa.

Na ƙara gajerun layuka biyu da nas ta nace a kansu. Mai ciki da awonta ya kai 140 bisa 90 ba ta jira, ranar za ta je awon ciki. Wanda kuma magani ya sa masa kumburin ƙafa ko busasshen tari, ya koma a duba ko a sauya masa, kada ya daina a ɓoye. Ta ce amlodifin kan kawo na farko, lisinofiril na biyu, amma ba mu sa sunayen a fim ba.

Sai shirin awo, wanda ya rufe fim ɗin: kada a ci goro, ko a sha kofi ko taba, rabin awa kafin a zo. A yi fitsari tukuna. A zauna minti 5, baya a jingine, ƙafa biyu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. A zo da katin inshorar lafiya, wanda nasa ya mutu ya sabunta ta waya da *929#. Tsawon fim ɗin ya tsaya a minti bakwai da 'yan daƙiƙu.

Asabar, 17 ga Mayu

Jiya bayan isha'i aka haska a jikin farin ƙyalle a bangon makaranta. Da hannun Hajiya ya bayyana a kan robar gishiri, mata suka gane ta, wuri ya ɗauki guɗa, har sai da muka mayar da sashen baya don a ji.

Yau da safe na zauna kusa da teburin nas. Wani direba, zai yi shekara hamsin, ya zauna da jan goro a haƙoransa. Da kansa ya ce, "Fim ya ce rabin awa," ya koma benci ya jira. Da aka auna, 158 bisa 96. Aka bar shi ya huta, aka sake, 152 bisa 94. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Shi ke nan, na kamu. Wane magani zan saya?"

A nan na ga ramin da na bari. A kwalin bango mun rubuta cewa awon da ya hau yana buƙatar a sake dubawa, amma a fim na ce kawai "in ya kai 140 bisa 90, je asibiti". Ban faɗi cewa awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci ba. Ana tabbatar da ciwon ne bayan an auna a ranaku daban-daban aƙalla biyu, domin fargaba, tafiya cikin rana ko robar hannu ta na'urar awo da ta yi wa damtse kaɗan duk suna iya ɗaga lamba. Garin gajartawa na yanke wannan, mutumin kuwa kemis ya nufa. Nas ta rubuta masa lambobin biyu da kwanan wata a takarda, ta ce, "Alhaji, kada ka sayi komai. Kai wannan asibiti cikin makon nan a sake aunawa, su za su faɗa." Ya ninke takardar ya sa cikin lasisinsa.

Wata tsohuwa kuma awonta ya haura 180 bisa 120, tana cewa idonta na ganin hazo. Ita ba a ba ta takardar mako ba, jikanta ya tare tasi aka wuce da ita a take. Fim ɗin bai bambanta waɗannan biyun ba sam.

Talata, 20 ga Mayu

Na rubuta sabon sashe na daƙiƙa talatin, zai shiga kafin shirin awo:

"Awon gobe ba hukunci ba ne, leƙe ne. In ya hau, ba a ce kana da ciwo ba tukuna. Za a ba ka takarda, ka kai asibiti cikin mako a sake aunawa wata rana. Kada ka sayi magani da kanka, kada ka ari na maƙwabci. In kuwa nas ta ce yau za ka tafi, to yau ɗin ne."

Na gwada shi a kan mahaifiyata da yamma. Na ce, "Mma, in an auna ki ya hau, me za ki yi?" Ta ce za ta karɓi takarda ta kai asibiti a sake gwadawa. Na ce in maƙwabciya ta ba ki nata fa? Ta ce ai an ce kada a ara.

Kalmar "leƙe" ce ban gama natsuwa da ita ba, don ɗaya daga cikin direbobin, Bamoshe ne, bai kama ta ba sai da aka ce masa "dubawa ta farko". Mai yiwuwa in sa duka biyun. Za mu ɗauki muryar ranar Lahadi in ruwa ya bari, domin matasan unguwar Sawaba sun nemi a kai musu majigin bayan babbar salla. Nas kuma za ta nemo babbar robar hannu, saboda ranar Asabar mutum uku ta mayar ba awo don wadda muke da ita ba ta zagaye damtsensu.